Yaya zan rage tsawon sanarwa ba tare da ta sauya ma'ana ba?

Tambaya: Ni ke kula da shafin ƙungiyarmu a X. Duk sanarwar da na rubuta sai ta zarce iyakar haruffa 280 ta X, in na datse ta kuma a ce na yi wa mutane tsawa, ko a fahimce ta a baibai. Wani ya ce in riƙa zubar da ƙananan kalmomi ina dunƙule sauran. In bi shawararsa? Ga ta ƙarshen da na rubuta na haɗo muku.

Amsa: Malama, kada ki bi. Zan dawo kan mai shawarar nan, don ina da magana da shi, amma mu fara da lissafi. Abin da X ke ƙirgawa ba haruffa kaɗai ba ne: tazarar da ke tsakanin kalmomi, aya, waƙafi, duk kowanne ɗaya ne. Adireshin shafi yana cin 23 komai tsawonsa ko gajartarsa, don haka gajarta shi ɓata lokaci ne. Kowane emoji yana cin 2. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ɗaya-ɗaya suke ci kamar sauran, babu ribar da za ki samu in kin mayar da ƙ ta koma k. Wannan tsoron daga saƙon tes aka gado shi, inda harafi mai lanƙwasa guda kan sauko da iyakar saƙo daga 160 zuwa 70. A X babu wannan.

Ga abin da kika aiko:

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna so mu yi amfani da wannan dama domin mu sanar da ku cewa mun samu rahotanni cewa wai akwai wani shafi da ke amfani da sunan ƙungiyarmu yana neman kuɗi a hannun mambobi. Har yanzu dai ba mu tabbatar ba, muna kan bincike. Saboda haka muna roƙonku da ku yi haƙuri kada kowa ya tura kuɗi sai ya tuntuɓi sakatare tukuna. Mun gode sosai da haɗin kanku."

Na ƙirga, 378 ne. Kin haura da 98. In kuma za ki liƙa adireshin shafinku na gaskiya, wanda ya kamata a irin wannan sanarwa, ki ware masa 24 har da tazarar gabansa, saura 256 ke nan a hannunki.

Kafin ki goge komai, tambayi kanki: wanda ya karanta, me nake so ya yi? A nan amsar ita ce kada ya tura kuɗi sai ya tuntuɓi sakatare. Wannan jimla ba a taɓa ta. Sai ki nemi inda kike sharar fage ba magana kike ba. "Muna so mu yi amfani da wannan dama domin mu sanar da ku cewa" ta cinye 62, kuma babu abin da ta faɗa, ai duk mai karantawa ya san sanar da shi ake yi. "Saboda haka muna roƙonku da ku yi haƙuri" 40 ce, alhali "Don Allah" mai 9 tana ɗauke da ladabin gaba ɗaya. Da an yi waɗannan biyun da 'yan gyare-gyare, ga abin da ya fito:

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun samu rahoton wai wani shafi na amfani da sunan ƙungiyarmu yana neman kuɗi a hannun mambobi. Ba mu tabbatar ba tukuna, muna bincike. Don Allah kada kowa ya tura kuɗi sai ya tuntuɓi sakatare. Mun gode."

230. Da adireshi 254. Sallama na nan, godiya na nan. In gurbi ya ƙure, sallamar zan taƙaita kafin in taɓa "Don Allah", domin ita ce ta bambanta roƙo da umarni, kuma rashinta ne ya sa aka ce kin yi tsawa.

To, mai shawararki. Kullum sai na ci karo da irinsa, masu kiran kansu ƙwararrun soshiyal midiya, suna koya wa mutane cewa ƙananan kalmomi su ne ƙaiƙayi. A Hausa su ne tsabar. Ki ɗauki "ba ni da kuɗi", ki zare "da" don ki tsira da gurbi uku, me ya rage? "Ba ni kuɗi." Mai bayyana hali ya koma mai bara. Wannan ma abin dariya ne, a gyara a wuce. Wanda ba na dariya ba shi ne "wai".

In aka bi tsarinsa, sanarwarki za ta koma kamar haka: "Wani shafi na amfani da sunan ƙungiyarmu yana neman kuɗi. Kada kowa ya tura kuɗi." Gajera, tsaf, ga ƙarfi. Amma duba ɓarnar. Da "wai" da "ba mu tabbatar ba" sun tafi, abin da yake jita-jita ya zama hukunci da sunan ƙungiya. Gobe in bincike ya nuna shafin na wani reshenku ne da ya buɗe bai sanar ba, ku ne kuka kira mutanenku 'yan damfara a bainar jama'a. Kuma "sai ya tuntuɓi sakatare" da aka yanke ta mayar da gargaɗi ya zama hani baki ɗaya. Mai niyyar biyan kuɗin ƙungiya na halal ma zai noƙe. Ki goge saƙon in kin so, wani ya riga ya ɗauki hotonsa yana yawo da shi, kuma gyaran da za ki fitar daga baya ba zai bi shi duk inda ya shiga ba.

Haka "ana zargin", haka "kusan", haka "wasu", haka "sai dai". "Wasu mambobi sun yi ƙorafi" da "mambobi sun yi ƙorafi" ba labari ɗaya ba ne, kuma biyar kacal aka samu riba. Mutum ya bar sharar fage mai 62 tana zaune daram, ya je yana farautar kalma mai harafi uku, sannan ya ce shi gwani ne. Dunƙule kalmomi kuwa, "dmn" da "ngd" da "slm", a hira da ƙawa babu laifi. A shafin ƙungiya da ke gargaɗi kan damfara, ke ce za ki yi kama da shafin bogin. "Xan" maimakon "zan" ma har yau ina neman wanda zai nuna mini gurbi ɗaya da ta rage.

Akwai gwajin da nake yi kafin in tura. Ina ajiye doguwar da gajerar gefe da gefe, in bi doguwar ina neman kowace "ba", "kada", "sai", "wai" da kowane adadi ko kwanan wata, in tabbatar kowanne ya tsallako, ko wani abu ya tsaya a madadinsa. Sannan in karanta gajerar da murya. In ba zan iya faɗa wa dattijon ƙungiya ita haka a gabansa ba, an yanke abin da bai kamata ba.

Wata sanarwar kuma ba za ta shiga 280 ba ko me kika yi, musamman mai sharuɗɗa biyu ko uku. Ki raba ta saƙo biyu a jere, amma zargin da "ba mu tabbatar ba" su zauna tare a na farko, don shi kaɗai akasari ake yaɗawa.