Kallon taurari don sanin lokacin shuka: ina iyakarsa a Musulunci?

Tambaya: "Mahaifina ya koya mini lura da fitowar taurarin Kaza da asuba don sanin inda shekara take, sai wani ya ce mini wannan duba ne, haramun ne. Ga kuma mai lissafi da ya ce in kawo sunana da na mahaifiyata ya zaɓar mini ranar shuka. Malam, wanne zan kama, wanne zan bari?"

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe na mahaifinka, ka bar na mai lissafi. Malamai sun raba ilmin taurari gida biyu. Akwai ilmin tasyiri, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari domin gane lokaci da alƙibla da hanya, kuma wannan halal ne, domin aya ta 5 a Suratu Yunus ta ce an sanya wa wata manzilai, wato masaukansa a cikin taurari, don a san adadin shekaru da lissafi. Akwai kuma ilmin ta'asiri, wato da'awar cewa tauraro yana jawo alheri ko sharri, ko yana bayyana abin da zai sami mutum, kuma shi ne hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito ya kira yanki na sihiri.

Abin da mahaifinka yake yi kalanda ce kawai. Kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da kusan minti 4, don haka Kaza, wadda Larabawa ke kira Surayya, takan ɓace a hasken rana na wasu makonni, sannan ta sake bayyana a gabas kafin hudowar rana a kusan kwanaki iri ɗaya kowace shekara. Manomi yana buƙatar irin wannan alama domin shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa watannin Musulunci ba sa tsayawa a kan damina. Fitowar taurarin manzilai 28 da asuba kuwa tana tafiya da yanayi: 27 daga cikinsu kwana 13 kowanne, ɗaya kuma 14, jimla 365.

Inda ake zamewa shi ne a harshe da zuciya. A Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan Hijira, an yi ruwa da dare, sai Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai bayan sallar asuba cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda kuwa ya ce wani tauraro ne ya ba mu ruwa ya kafirce wa Allah, ya yi imani da tauraro. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Zaidu bin Khalid. Imam Shafi'i ya bayyana cewa wanda yake nufin lokaci kawai, kamar ya ce an yi ruwa a wata kaza, bai kafirta ba, ko da yake ya fi son a bar wannan lafazin.

A wajen aikin gona ma haka abin yake, domin tauraro yana fitowa a kan lokacinsa ko damina ta yi jinkiri ko ta yi sammako. Idan alamar da ka saba ta nuna lokaci ya ƙarato, gyara gona, ka tanadi iri, amma ƙasa za ka tambaya kafin ka shuka. Ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da bishiya da indararo, ka riƙa auna zurfin ruwan da ya taru kowace safiya. A ce ran farko ka sami milimita 8, sai ka tona ka ga laima ba ta wuce tsawon yatsa ba: kada ka shuka, domin irin zai tsiro, rana ta busar da saman ƙasa, ya mutu kafin saiwa ta kama. Idan kuwa cikin kwana 3 ruwan ya kai milimita 20 ko fiye, laima ta sauka kamar taƙi guda, ka dunƙule ƙasar ta riƙe, to shuka ta yi. Duk da haka duba hasashen yanayi, domin fari na fiye da mako guda bayan tsiro yana iya sa ka sake shuka. Hasashen masana yanayi ba duba ba ne, tun da yana dogara da iska da zafi da gajimaren da aka auna, kuma suna faɗinsa a matsayin mai yiwuwa, su ma suna kuskure.

Shi kuwa mai neman sunanka da na mahaifiyarka, ka tambayi kanka: me ya haɗa haruffan suna da laimar ƙasa? Babu sababin da ake gani ko ake aunawa, sai da'awar sanin gaibu, alhali aya ta 34 a Suratu Lukman ta ce rai bai san abin da zai aikata gobe ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba. Asarar gona ma tana nan, domin wanda ya zauna jiran ranar sa'a bayan ruwan shuka ya sauka, laimar za ta tafi ta bar shi, kuma irin da ke buƙatar doguwar damina ba lalle ya nuna ba kafin ruwa ya ɗauke.