Guɗa da tafi ba su ne shaidar waƙar taro ba

Tambaya: "Malam, ina tura waƙoƙi a waya da memori a kasuwar Farm Centre. Ɗan yayana ya sayar mini da tarin waƙoƙi a naira dubu 150, ya ce duk a wajen biki aka ɗauko su. Akwai guɗa da tafi, baitocin ma sun bambanta da na kasuwa. Na tsawwala kuɗinsu don na yi zaton arzikina ya zo, amma yanzu masu saye suna dawo da su wai na situdiyo ne. Ya zan yi?"

Alhaji, ka biya kuɗi a kan maganar ɗanka ba tare da ka zauna ka saurara ba. Nan ne kurenka. Da atamfa ce a Kwari, ai sai ka shafa ka duba bakinta kafin ka ƙirga kuɗi, ko da wanda kuka fito ciki ɗaya ne ya kawo. Maganar arziki kuma ka ajiye ta, tarin da kowa zai iya kwafa cikin minti goma ba ya mai da mutum attajiri.

Abubuwa biyun da suka ruɗe ka su ne mafi sauƙin ƙirƙira. Yaron situdiyo zai ɗora tafi da guɗa a kan kowace waƙa kafin shayi ya huce. Sauyin baiti kuwa kullum ana yinsa a Kano: a bar kiɗan yadda yake, mawaƙi ya sake rerawa da sunan wata amarya ko wani ɗan siyasa, a miƙa wa mai biki.

Ka sa abin ji a kunne, ka lura ko hayaniyar tana amsa wa mawaƙin. A taron gaske, idan ya ambaci sunan wani mai liƙi, nan take guɗa ke tashi, maroƙi ya tsoma baki da kirari, wani lokacin mawaƙin ya maimaita baitin ko ya dakata 'yan amshi su riƙe masa. Sabon baitin da hayaniyar tare suke tafiya. A na jabu, za a kira sunan ango babu wanda ya motsa, can a tsakiyar amshi tafi ya ɓarke ba dalili. Kuma ka kama wata guɗa ko fito guda ɗaya ka jira. In ta dawo da tsawonta da muryarta sak bayan kowane daƙiƙa talatin ko arba'in, maimaita ta na'ura ke yi.

Sai muryar kanta. Mai waƙa a fili yana matsowa kusa da makirufo yana ja da baya, lasifika takan yi ƙara mai tsini, kana jin gurnanin janareta a ƙasa, muryar tana dawowa daga bango. Idan jama'a suna can nesa cikin amsa-kuwwa, mawaƙi kuma tas a bakin kunnenka ko numfashinsa bai sauya ba, to ba a wuri ɗaya aka ɗauke su ba.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne jerawa. Ka buɗe Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kwamfuta, kyauta ce, ka sa ta kasuwa a sama, taka a ƙasa, ka daidaita bugun farko. Makaɗa da kalangu a hannu ba sa riƙe sauri ɗaya. Sukan yi zafi idan liƙi ya kankama, su lafa daga baya. Idan bugun ya hau kan juna daga farko har minti na biyar, kiɗan situdiyo ne. Amma a kula da tsohon kaset: yakan yi ɗan sauri ko nawa, sai tazarar ta riƙa ƙaruwa daidai wa daida. Wannan laifin kaset ne. Na taro tazararsa gaba take yi ta dawo baya.

Gwajin yana da iyaka. Mawaƙan zamani da yawa a kan faifan situdiyo suke hawa dandamali, don haka kiɗa zai daidaita alhali taron na gaske ne. A nan sai ka nemi murya biyu, ta faifai a ƙasa, ta baki tana rigaye ko tana makara. Wanda aka ɗauka kai tsaye daga na'urar mai sauti kuma hayaniyarsa kaɗan ce, kada ka jefar da shi.

Na san wani mai kaset a Ƙofar Wambai da ya sayar wa wani dattijo irin wannan. Dattijon ashe yana wurin bikin da aka ce, ya ce ba haka aka yi ba, ya faɗa a majalisarsu. Manyan masu saye a wajen mai kaset ɗin suka watse, alhali su ne masu biya ba ciniki.

Ka ɗebo waƙoƙi ashirin daga wurare daban-daban a tarin ka gwada. In fiye da rabi sun faɗi, ka kira ɗan naka gaban mahaifinsa, ka kunna masa, ku yi maganar kuɗin. Waɗanda suka dawo da kaya ka mayar musu da bambancin. Sannan ka buɗe littafi: sunan waƙa, wanda ya kawo, inda aka ce an ɗauka, da sakamakon gwaji. Wadda ba ta ci gwajin ba ka sayar da ita a kuɗin ta situdiyo, ka kuma faɗa wa mai saye haka.