Mita ɗaya, ɗakuna shida: inda kuɗin wuta ke tafiya

"Malam, ina haya a Aboabo cikin Kumasi, ɗakuna shida a kan mita ɗaya. Fanka da ƙwan lantarki biyu kawai gare ni, amma ana raba kuɗin wuta daidai wa daida. Sannan na rufe shagona wata biyu na je gida Katsina, da na dawo na sayi wuta sai na ga an zaftare wani abu daga ciki. Ko cutata ake yi?"

Ɗan'uwa, bari mu fara da abin da mita ke ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 take sha cikin awa ɗaya. Idan fankarka mai wat 60 ce, tana juyawa awa takwas kullum, a kwana 30 za ta sha yunit 14 da ɗoriya. Ƙwai biyu masu wat 10, awa shida kowane dare, ba za su kai yunit huɗu ba. Ko an haɗa da cajin waya, da wuya ka wuce yunit 20 a wata, alhali maƙwabcinka mai dutsen guga na wat 1,000 yana cinye yunit guda duk awar da ya yi yana guga.

A Gana, hukumar PURC, wadda aka kafa a 1997, ita ke ƙayyade farashin wuta da ruwa, kuma farashin wutar gidaje hawa-hawa ne. Akwai rangwame na musamman ga mitar da ba ta wuce yunit 30 a wata ba, wanda ya ɗara haka kuwa ya fita daga rangwamen gaba ɗaya. Matsalar ita ce mita ba ta san ɗakuna shida ne a bayanta ba, tana ɗaukar gidan nan tamkar mutum ɗaya mai shan wuta da yawa.

Ga lissafi da farashin da na ƙaga don misali kawai, na gaskiya yana sauyawa. A ce yunit 300 na farko sidi biyu ne kowanne, abin da ya haura kuma sidi biyu da rabi. Gidanku ya sha yunit 420: na farkon sidi 600, sauran 120 ɗin sidi 300, jimla 900. Ka lura cewa tsadar hawa na biyu tana faɗawa ne kan rarar da ta haura kaɗai. In an raba gida shida, sidi 150 ke kanka, kai da ko a farashi mai tsadar yunit 20 ɗinka sidi 50 ne. Ashe ba kamfanin wuta ne ya fi cin kuɗinka ba, rabon daidai wa daidan ne, domin kana biya wa mai firji da mai dutsen guga ba tare da ka sani ba.

Shawarata ita ce ku zauna da mai gida a ƙidaya kayan wutar kowane ɗaki da awannin da suke aiki, a yi rabo bisa haka, ko kuma kowa ya sa ƙaramar mita a ɗakinsa domin a san abin da ya sha. Neman mitarka ta kanka ya fi, tunda za ka shiga rangwamen nan, sai dai yana buƙatar yardar mai gida da katin shaidarka da kuɗin haɗawa, saboda haka ka fara duba tsawon zaman da ya rage maka a gidan.

Batun shago kuwa, banda kuɗin yunit akwai kuɗin hidima na wata-wata wanda ake biya ko ba a kunna komai ba. A mitar da ake sayen wuta kafin a sha, ana cire shi ne a sayen farko na wata, kuma watannin da ba ka saya ba suna taruwa su jira ka. Wato ranar da ka dawo an cire na wata biyun da ka yi a Katsina, haɗe da na watan da kake ciki. Ga kuma farashin shago daban yake da na gida.

Hanyar tabbatarwa tana kan rasit ɗinka. Duba layin kuɗin hidima, ka raba shi uku, ka gwada da na wani tsohon rasit. Sannan ka sake sayen wuta kaɗan cikin wannan watan, wanda bai kamata a cire kuɗin hidima a cikinsa ba. Idan an sake cirewa, ka ɗauki rasit biyun da lambar mitarka ka kai ofishin kamfanin na yankinku, in ba a warware ba ka kai ƙorafi ofishin PURC da ke Kumasi.