Gishiri ya yi yawa a miya

Tambaya daga Unguwar Rimi: "Miyar kukata ta yi gishiri, yaya zan gyara? Nawa ya kamata in riƙa sawa?"

Amsa: Ga miya lita 1, fara da rabin ƙaramin cokali, don dunƙulen magi kansa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Kada ki cike sauran sai dab da saukewa, saboda ruwa yana ƙonewa, gishirin kuwa yana nan.

Gyaran gaskiya shi ne ƙara yawan miyar. Zuba ruwan zafi kofi guda, ki barbaɗa kuka kaɗan kina burgawa har kaurinta ya dawo, sannan ki ɗanɗana. Jefa dankali da ake yawan faɗa ba ya wani tasiri, ruwan miyar kawai yake sha.

In akwai mai hawan jini a gidan, likita ne zai faɗi adadin da ya dace da shi.