Yadda yaro ɗan shekara 3 zai bar barcin rana ba tare da rigimar yamma ba

Tambaya: Ɗana yana da shekara 3. Idan ya yi barcin rana ba ya runtsawa sai ƙarfe 9:30 na dare, idan kuma na hana shi, da yamma sai kuka da birgima. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, mu fara da lissafi. Yaron da ke tsakanin shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a dare da rana gaba ɗaya. A ce ɗanki yana tashi ƙarfe 6:30 na safe, yana barcin rana daga 1:00 zuwa 2:30, sannan ya kwanta 9:30. Yana samun awa 9 da dare da awa ɗaya da rabi da rana. Ranar da kika hana shi na rana, lokacin kwanciyar dare kuma bai canja ba, awa 9 kawai ya rage masa, ga shi zai yi awa 15 idonsa biyu. Gajiyar nan ce take fitowa a matsayin rigima, kuma a kan ƙaramin yaro takan zo da guje-guje da tsalle-tsalle, har iyaye su ɗauka ba ya jin barci.

Saboda haka abin da kika rage da rana sai ki mayar masa da dare. Ki riƙa tashinsa bayan awa ɗaya, bayan kwana 4 ko 5 ki mayar da shi minti 45, daga nan minti 30, kuma kada barcin ya wuce ƙarfe 2:00. Duk lokacin da kika rage, ki matso da kwanciyar dare da kamar minti 30. Ranar da bai yi barcin rana sam ba, ya kasance a shimfiɗa ƙarfe 7:00, wato abincin dare da wanka su ma sai sun matso. A nan ne na ga yawancin iyaye suke tuntuɓe, domin suna tsoron zai farka da asuba, alhali yaron da ya galabaita ne ya fi yawan farkawa.

A gurbin barcin, ki ba shi hutu na minti 45 a ɗaki shiru, da littafin hotuna, ban da waya ko talabijin. Idan barci ya ɗauke shi, ki bar shi ya yi rabin awa. Canjin yakan ɗauki makonni, wata rana ya yi barci, wata rana ya ƙi. Abin da za ki kiyaye shi ne gyangyaɗin ƙarfe 5:00 na yamma, musamman a mota, domin ko minti 15 ne yana iya jinkirta barcin dare sosai.

Idan mako biyu ya wuce yana kwanciya da wuri amma rigimar ba ta lafa ba, to bai kai barin barcin rana ba tukuna. Ki mayar masa da na minti 45, ki sake gwadawa bayan wata ɗaya ko biyu. Idan kuwa yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ki kai shi likitan yara ya duba shi.