Kwatanta zane ga manhajar da ba ta ganin hoto

"'Yan uwa, ina da hoton wani shafin shiga na waya, ina so a gina mini irinsa, amma manhajar da nake aiki da ita rubutu kawai take karantawa. Duk bayanin da na yi mata sai ta kawo wani abu daban. Ina mafita?"

Ɗan uwa, na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da na lura yana ɓata shi shi ne kalmomi irin su "mai kyau" da "na zamani". Ba su da awo. Duk gurbin da ka bari, manhajar za ta cike shi da abin da ta saba.

Ka fara da girman fili, sannan ka bi zanen daga sama zuwa ƙasa, kana faɗin abin da ke cikin wani. Misali: "Shafi mai ginshiƙi ɗaya. Tambari a sama, a tsakiya. Ƙarƙashinsa farin kati ɗauke da akwatunan rubutu biyu, ɗaya bisa ɗaya, da maɓalli mai faɗi daidai da nasu." Idan ba ka ce maɓallin yana cikin katin ba, kada ka yi mamaki in ka same shi a waje.

Awo ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. A ce hoton allon naka faɗinsa 1080, alhali burauzar wayar tana lissafin faɗin a 360. Ke nan duk abin da ka auna sai ka raba shi gida 3. Maɓallin da ka ga tsayinsa 144 a hoto, `48px` ne. Tazarar gefe ta 72 kuma `24px` ce. In ka ba da awon hoto kai tsaye, komai zai fito ƙato, rubutu har ya tsallake gefen allo. Da ka ga haka, ka san ba ka yi rabon ba. Ni dai na fi ba tazara muhimmanci a kan launi, domin ita ce ke sa zane ya yi kama da na asali.

Launi kuwa kada ka ce "shuɗi". Ɗauko lambarsa, kamar `#1E40AF`, da `Eyedropper`, wato abin ɗauko launi daga hoto, ka faɗi inda take: bayan maɓalli ne ko rubutunsa. Ka ɗauka daga tsakiyar launin, don gefuna sukan gauraya da na kusa. Kalmomin da ke jikin zanen ka kwafe su harafi da harafi.

Akwai kuma abin da hoton bai nuna ba, kamar saƙon da zai fito in an yi kuskuren kalmar sirri, ko kamannin shafin a babban allo. Wannan kai za ka yanke.

Sakamako ya fito, ka jera shi da hoton a girma ɗaya, ka riƙa gyara abu ɗaya a kowane zagaye, da lamba: "tazara tsakanin akwatunan ta koma `16px`, sauran a bar su yadda suke."