Layin da darakta ya soke

"Malam, ina rubuta gajeren labari a kan wani mai gabatar da shiri a rediyo da ya yi ritaya, yana mayar da tsofaffin rubuce-rubucensa na rediyo zuwa bidiyo, suna ta sa-in-sa da wani matashin darakta. Da na karanta sai na ji shi lami. Ina matsalar take?"

Na duba shafukan da ka ba ni. Ka sa su faɗa a kan girma, dattijo na cewa yaran yanzu ba su da kunya, yaro na cewa zamani ya canza. Wannan faɗan ko teloli biyu ka ɗauko za su yi shi. Mayar da rigimar kan layi ɗaya a takarda.

A ce a tsohon rubutun matar gida ta ce, "Ka jiƙe sharkaf, ajiye jakar nan ka zauna." A rediyo wannan jimla ta yi aiki uku: ta sanar da mai sauraro ana ruwa, mutum ya shigo, kuma da kaya a hannunsa. Kyamara kuwa da ya turo ƙofa ta gama nuna duka. Darakta zai ja biro ya soke layin, kuma yana da gaskiya. Bar masa gaskiyarsa. Abin da zai ci wa dattijon rai shi ne shi ma ya san haka ne.

Sai batun shiru, wanda ban ga ka taɓa ba. Ɗan rediyo yana tsoron shiru, domin in ya yi daƙiƙa biyar bai ce uffan ba, mai sauraro zai zaci tasha ta ɗauke, ya murɗa gaba. To, sa darakta ya nemi shiru na daƙiƙa goma a kan fuskar matar. Dattijon na gefe, leɓɓansa na motsi, yana ƙirgawa bai sani ba.

Amma kada ka bar shi hannu rabbana. Shi kunne gare shi. 'Yar wasa ta maimaita wata jimla sau shida, darakta na jin ba ta zauna ba, ya kasa gane dalili, sai sauya wa kyamara wuri yake yi. Dattijon ya karɓi takardarta, ya ja ɗan layi a inda ya kamata ta ja numfashi, irin alamar da ta cika tsofaffin takardunsa. Ɗauka ta bakwai ta fita. Ko darakta ya gode ko ya basar, wannan kai za ka zaɓa, ni dai da zan bar shi ya basar.

Kai ma fa ciwon dattijon ne da kai. A shafi na uku ka sa ya ce, "Ina ji duniya ta wuce ta bar ni," alhali a shafi na biyu mun gan shi riƙe da takardar da aka soke. Ɗauki biro ka cire.